Yadda za ka mayar da takardar Word zuwa PDF ba tare da ƙ, ɗ da ɓ sun lalace ba

Ina da ɗan shagon buga takardu a Kwandare, garin nan na ƙaramar hukumar Lafiya da aka gina filin jirgin sama a gefensa. Akasarin aikina na 'yan makaranta ne da wasiƙun neman aiki, amma lokaci zuwa lokaci 'yan'uwanmu da ke zaune a Legas da Badun da Fatakwal sukan turo mini aikin Hausa, domin a can samun mai buga Hausa daidai sai an tona. Dalilin wannan rubutu wata asara ce da ta taɓa faɗa mana, ni da wata ƙungiyar 'yan garinmu da ke Agege, kuma na san ba mu kaɗai ta taɓa faɗa wa ba.

Sun ba ni kundin tsarin ƙungiyarsu in buga, shafi 24, da jerin sunayen mambobi a ƙarshe. Na buga, na duba, komai tsaf a kwamfutata. Na tura wa sakatarensu fayil ɗin Word ta WhatsApp, shi kuma ya miƙa wa mai ɗab'i, yaron shagon ya mayar da shi PDF a tasu kwamfutar, aka buga kwafi 200. Ana gobe taro sai ga kiran sakatare: "Malam, wane irin yare ka rubuta mana? Ko'ina sai wasu ƙugiyoyi!" Ya ɗauko hoton shafin farko ya turo. Inda na rubuta ƙungiya ya zama }ungiya, kuɗin shiga ya zama ku]in shiga, ɓangare ya zama \angare. Kundin da za a raba wa dattawa ke nan. Dole aka sake bugawa, kuma rabin kuɗin daga aljihuna ya fita, don gaskiya laifin nawa ne.

Abin da na koya daga nan shi ne: PDF ba ya gyara rubutu, ba ya kuma ɓata shi. Abin da kwamfutar da ta yi juyin ta gani a wannan lokaci, shi yake daskarar da shi. Saboda haka tambayar ba "wace manhaja ce ta fi iya juyi" ba ce. Tambayoyi uku ne: harafin da ka buga na gaskiya ne? Font ɗin da ka zaɓa yana da shi? A kan wace na'ura aka yi juyin?

Harafi daban, font daban

Sai an gane wannan sauran bayanin zai zauna. Idan ka danna harafi, kwamfuta ba hotonsa take ajiyewa ba, lamba take ajiyewa. Tsarin da duniya ta amince da shi na ba kowane harafi lambarsa shi ne Unicode. Font kuwa kundin zane ne: kwamfuta ta ce masa "ba ni zanen lamba kaza", shi kuma ya ba ta. Fayil ɗin Word, in ba ka saita shi musamman ba, lambobin kawai yake ɗauka da sunan font ɗin. Ba ya tafiya da zanen. Idan ya isa wata kwamfuta da ba ta da wannan font, sai ta ɗauko wani ta yi amfani da shi, ba tare da ta yi maka sallama ba.

Haruffanmu masu lanƙwasa duk suna da lambobinsu a Unicode:

```
Ɓ 0181    ɓ 0253
Ɗ 018A    ɗ 0257
Ƙ 0198    ƙ 0199
Ƴ 01B3    ƴ 01B4
₦ 20A6
```

Harafin ƴ 'yan'uwanmu na Nijar ne suke rubutu da shi, mu a Nijeriya 'y muke sakawa. Na haɗa da alamar naira don ita ma tana cikin masu ba da wahala.

To me ya faru da kundin Agege? Na buga shi ne da tsohon font na Hausa, irin waɗanda aka yi tun kafin kwamfutocinmu su iya nuna waɗannan lambobi. Wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro a shekarun 1990, da wasu irinsu da suka biyo baya. Sun yi wa Hausa babban aiki, littattafai da jaridu da yawa da su aka buga. Dabarar font na wancan zamani ita ce aron gurbi: a ɗauki gurbin wata alama da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zana harafi mai lanƙwasa a wurin. A wanda na yi amfani da shi, gurbin } aka ba ƙ, gurbin ] aka ba ɗ. Akwai kuma waɗanda suka ari q da x da v, shi ya sa za ka ga wani rubutu a intanet yana cewa qasa, xaya, vata. A idona ƙ nake gani, amma abin da fayil ya ajiye } ne. Da ya isa kwamfutar da ba ta da font ɗin, sai gaskiya ta fito fili.

Wani zai ce to a bar lanƙwasar mana gaba ɗaya, ai kowa zai gane. A hira ta waya, na yarda. A takardar yarjejeniya ko kundin ƙungiya kuwa, baƙi ba baki ba ne, faɗa ba fada ba ce, ƙafa ba kafa ba ce. "An kai maganar faɗa" da "an kai maganar fada" ba hukunci ɗaya za su jawo ba.

Gane ciwon daga alamarsa

Lalacewar iri huɗu ce na fi gani, kuma kowace tana nuna inda matsalar take.

Idan ka ga } ] \ ko q x v a gurbin haruffa, tsohon font ne aka yi amfani da shi kuma bai bi fayil ɗin ba. Idan ka ga ɗan akwati babu komai a ciki, harafin na gaskiya ne, amma na'urar ba ta sami font mai zanensa ba. Wannan da sauƙi, rubutun yana nan lafiya, canza font kawai za a yi. Idan alamar tambaya ka gani, kamar ?asa, to an bi da rubutun ta wata tsohuwar hanyar ajiya da ba ta san Unicode ba, kuma harafin ya tafi ke nan, sai an koma asalin fayil ko a sake bugawa da hannu.

Na huɗun shi ne mai wuyar lura, kuma shi ya fi yawa yanzu. Harafin yana nan, ana karanta shi, amma ya bambanta da 'yan'uwansa: ya fi su siranta, ko tsawo, ko ya tsaya a miƙe alhali sauran a karkace suke. Abin da ya faru shi ne font ɗin da ka zaɓa ba shi da harafin, sai Word ta aro shi daga wani font a ɓoye. An fi ganin wannan a katin biki da kanun takarda, inda ake son rubutu mai ado irin su Monotype Corsiva ko Algerian ko Old English Text MT. Waɗannan ba a yi su da Hausa a zuciya ba. Idan kana shakka, ka zaɓi harafin shi kaɗai ka dubi sunan font da ya bayyana a sama. In ya bambanta da na sauran kalmar, aro aka yi.

Akwai wani abu a nan da ya daɗe yana ruɗa ni kafin in gano dalilinsa. Sai ka ga font ya nuna ƙ lafiya lau amma ya kasa ɗ da ɓ. Dubi lambobin da ke sama: ƙ da manyan haruffan duk suna unguwa ɗaya, masu farawa da 01, ƙananan ɓ da ɗ kuwa suna can wata unguwar, masu farawa da 02, cikin haruffan da masana furuci suke amfani da su. Mai zana font zai iya cika unguwa ɗaya ya bar ɗayar. Don haka kada ka gwada font da harafi ɗaya ka ce ya yi. Ni layi guda nake da shi a ajiye, wanda nake liƙawa a duk font ɗin da zan gwada: Ƙaramin Ɗan Ɓaure ya ɓata kuɗi ₦500 a ƙofa. Ina duba shi a rubutu na yau da kullum, da mai kauri, da na karkace, domin kowannensu fayil ne daban a cikin kwamfuta.

Gyara tun daga Word

Font ɗin da na fi natsuwa da su don aikin Hausa su ne Times New Roman da Arial na Windows ɗin zamanin nan, sai kuma na kyauta irin su Charis SIL da Andika na ƙungiyar SIL, da dangin Noto na Google. Na ce na zamanin nan, domin tsofaffin Times New Roman na lokacin Windows XP ba su da waɗannan haruffa, kuma har yanzu akwai shagunan da ke lallaɓa irin waɗannan kwamfutoci. Littafin yara ko na yaƙi da jahilci, Andika nake sakawa, don an zana shi ne musamman saboda masu koyon karatu.

Shigar da harafin kuwa, in ba ka da kibod na Hausa a kwamfutar, Word tana da hanya: ka buga lambar, ka danna `Alt` da `X` tare, lambar ta rikiɗe ta zama harafi. Buga 0199, danna, sai ga ƙ. Amma akwai tarko a nan wanda Hausa ta fi kowa faɗawa cikinsa. A wannan lissafi haruffan a, b, c, d, e, f su ma lambobi ne. Idan kana rubuta faɗa, ka buga fa sannan 0257, Word za ta karanta fa0257 gaba ɗaya a matsayin lamba guda, sai ta ƙi yin komai. A kalma irin kaɗa kuwa a0257 za ta karanta, ta ba ka akwati. Maganin shi ne ka sa `U+` a gaban lambar:

```
faU+0257   sai Alt+X   →   faɗ
```

Wanda zai buga shafi da yawa ba zai jure wannan ba. Ya shiga `Insert`, `Symbol`, `More Symbols`, ya zaɓi harafin, ya danna `Shortcut Key` ya ba shi maɓallinsa sau ɗaya, shi ke nan. Ko kuma ya ƙara kibod na Hausa a saitin harshe na Windows.

Idan kuma tsohon fayil ne a hannunka, kamar nawa na Agege, ga yadda na yi. Na fara yin kwafi na ajiye asalin a gefe. Na danna `Ctrl+H`, a gidan sama na sa }, a gidan ƙasa na liƙa ƙ ta gaskiya, na danna `Replace All`. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, sau shida. Kada ka ɗauki jerin nawa ka yi aiki da shi kai tsaye, domin tsofaffin font ɗin ba gurbi ɗaya duka suka ara ba. Ka canza font ɗin sakin layi guda zuwa Arial tukuna, ka ga wace alama ce ta fito a gurbin wane harafi, ka rubuta a takarda. Bayan an gama musanya sai `Ctrl+A`, a mayar da rubutun duka zuwa sabon font.

Mai fayil irin na q, x, v ya yi hattara sau biyu. Ya danna `More` ya sa alama a `Match case`, ya yi manya daban ƙanana daban. Sannan ya tuna cewa takardun mutanenmu na kudu cike suke da sunaye da adireshi na Turanci. `Replace All` ba ta san Victoria Island ba, Ɓictoria za ta mayar da ita, ta kuma lalata duk adireshin imel mai v ko x. In irin waɗannan sunaye suna da yawa, gara ka bi da `Find Next` kana dubawa. Kuma ko wane iri ne, ka leƙa saman shafi da ƙasansa da cikin akwatunan rubutu da idonka. A kundin Agege sunan ƙungiyar da ke saman kowane shafi ne ya kusa kuɓuce mini, don `Ctrl+A` ba ta kai can.

Wani ɗan abu kuma da ke ba ni haushi: kalmomi irin 'yan da 'ya'ya. Word takan ɗauka zance za ka buɗe, sai ta juya alamar farko ta fuskanci baya. Da zarar ta juya, ka danna `Ctrl+Z` sau ɗaya, za ta dawo miƙaƙƙiya. Ita kuma alamar naira, masu buga takardu da yawa N suke bugawa su ja mata layi biyu. A takarda ta yi kama, amma in an kwafe rubutun N ce za ta fito. Buga 20A6 da `Alt+X` ya fi.

Juyin kansa

Doka ta farko, wadda da na bi ta da ban yi asara ba: a yi juyin a kan kwamfutar da aka buga takardar, inda ka ga komai daidai da idonka. Kada ka tura Word ka ce a juya a can.

A Word ta Windows ka shiga `File`, `Save As`, ka zaɓi PDF a jerin nau'in fayil. Kafin ka danna `Save` akwai abu biyu. Na farko, ka bar zaɓin a kan `Standard`, ba `Minimum size` ba, in dai ɗab'i za a yi. Na biyu, ka danna `Options`, wanda yawancin mutane ba su taɓa buɗewa ba. A can ƙasa za ka ga `PDF/A compliant`, a tsofaffin Word kuma an rubuta `ISO 19005-1 compliant (PDF/A)`. Ka sa masa alama.

Ga dalili. PDF/A wani nau'in PDF ne da aka tsara don adana takardu na dogon lokaci, ƙa'idarsa ta farko ta fito a 2005, kuma cikin sharuɗɗansa akwai cewa dole duk font ɗin da aka yi amfani da shi a cusa shi cikin fayil ɗin. In ba ka zaɓe shi ba, wani lokaci Word takan bar font irin su Arial da Times New Roman a waje, bisa zaton kowace na'ura tana da su. Wayar Android kuwa ba ta da su, kuma mafi yawan waɗanda za ka tura wa a waya za su buɗe. Abin da za ka biya shi ne fayil ya ɗan ƙara nauyi, kuma hotuna masu inuwa ko masu shara-shara kan iya canza kama, don haka ka duba su bayan juyi.

A wannan akwatin dai akwai `Bitmap text when fonts may not be embedded`. Wasu font masu su sun kulle su, ba su yarda a cusa su cikin fayil ba. In ka sa wa wannan alama, Word za ta mayar da rubutun irin wannan font hoto don kamanninsa su tsira. Ya fi a musanya maka shi da wani, amma rubutun da ya zama hoto ba a iya bincika shi ko kwafe shi, kuma in an ƙara girmansa bakinsa yakan yi zigi-zigi. Na SIL da Noto ba su da wannan matsala, lasisinsu ya yarda a cusa su.

Mai amfani da LibreOffice zai sami nasa a `File`, `Export As`, `Export as PDF`, da zaɓin PDF/A a shafin farko na akwatin.

Su kuma shafukan intanet masu juya fayil kyauta, da juyi a waya, ba na ba da shawararsu ga aikin Hausa mai muhimmanci. Ba don mugunta ba ce, lissafin ne dai wanda na faɗa: juyin yana faruwa ne a na'urar da ba ta da font ɗinka. Ga kuma batun ɗora jerin sunayen mutane da lambobin wayarsu a wurin da ba ka san mai shi ba. In dole ta sa sai a waya, to ka tabbata haruffan na Unicode ne kuma font ɗin ba na ado ba ne, sannan ka karanta sakamakon shafi-shafi.

Idan kuma wajibi ne ka tura fayil ɗin Word, misali sakatare zai ƙara sunaye, akwai `Embed fonts in the file` a `File`, `Options`, `Save`. Ka sa masa alama, ka bar `Embed only the characters used in the document` babu alama, tunda gyara za a yi. Yana taimakawa tsakanin Word da Word a kwamfuta, amma ban dogara da shi ba in a manhajar waya za a buɗe. Ni yanzu biyu nake turawa: Word don gyara, PDF don ɗab'i, in kuma rubuta wa mutum ɓaro-ɓaro wanne ne na mene.

Kyan gani ba shaida ba ne

A nan na yi kuskure na biyu. Da aka ce a sake buga kundin, cikin gaggawa sai na juya tsohon fayil ɗin zuwa PDF a kwamfutata, tsohon font ɗin ya shiga ciki, ya fito kyakkyawa, aka buga lafiya. Bayan 'yan makonni sakatare ya sake kira: "Ranka ya daɗe, ina neman sunan mutum a jerin nan a wayata, in na rubuta Ɗan sai ta ce babu, alhali ga su nan ina gani." Gaskiyarsa. Zanen ƙ da Ɗ yana nan, amma a ƙarƙashinsa har yanzu } da [ ne. Da ya kwafi wani sashe zai tura dandalin ƙungiyar, ƙugiyoyin nan suka sake bayyana. Sai a lokacin na zauna na yi musanyar da na bayyana a sama.

Tun daga ranar gwaji uku nake yi wa kowane PDF kafin ya bar shagona, kuma duka ba su kai minti biyar ba.

Ina buɗe shi a Adobe Acrobat Reader in danna `Ctrl+D`, in shiga `Fonts`. Kowane suna a jerin ya kamata a ga `Embedded` ko `Embedded Subset` a gefensa. Na biyun yana nufin haruffan da aka yi amfani da su kaɗai aka cusa, kuma hakan ya wadatar. Wanda babu komai a gefensa bai shiga ba. Haka kuma in na ga sunan font ɗin da ban zaɓa ba, na san Word ta yi aro a wani wuri, sai in koma in nemo.

Sai bincike: `Ctrl+F`, in liƙa kalma mai lanƙwasa da na san tana ciki, kamar ƙungiya, in ga ko za ta samo ta. In kwafi layi guda kuma in liƙa a Notepad, in ga abin da ya fito. Na ƙarshe, in tura wa wayata in buɗe. Waya ce alƙali mafi adalci a wannan shari'a, tunda ba ta da ko ɗaya daga cikin font ɗin kwamfutata.

Sunayen maƙwabta, Larabci, da mai ɗab'i

Ku da ke kudu takardunku sukan ɗauki sunayen Yarbawa da Ibo: mai gida a yarjejeniyar haya, baƙon girmamawa a katin taro. Haruffansu masu ɗigo a ƙasa, ẹ da ọ da ṣ da ị da ụ, hukuncinsu ɗaya da namu. Inda suka fi mu wahala shi ne in ɗigo ya haɗu da alamar karin sauti, kamar ẹ́, domin wannan lambobi biyu ne aka ɗora wa juna, kuma font marar inganci yakan zamar da alamar gefe ko ya ɗora ta kan harafin gaba. Haka abin yake ga ɗaliban Hausa masu sa alamar karin sauti da tsawon wasali a rubutun bincike. A irin wannan aiki Charis SIL na fi amincewa da shi.

Larabcin da ake sakawa a saman wasiƙa ko katin ɗaurin aure shi ma a duba shi bayan juyi, musamman alamomin da ake bugawa da harafi guda irin ﷺ, wanda lambarsa FDFA ce. In da tsohon font na alamomi aka saka shi, a wata na'urar zai iya komawa wani baƙin boko ko lamba, abin da ba wanda zai so ya gani a katinsa. Masu rubuta ajami kuma akwai Alkalami na SIL, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano.

Saura mataki guda da ba a hannunka yake ba. Masu ɗab'i da yawa, ko a Shomolu ne ko Mushin ko Mokola ta Badun, ba kai tsaye suke buga PDF ba. Cikin CorelDRAW suke shigar da shi don su jera shafuka. A lokacin shigarwar manhajar takan tambaya ko a ɗauki rubutun a matsayin `Text` ko `Curves`. In yaron shago ya zaɓi `Text`, kwamfutarsu za ta koma neman font ɗinka, in ba ta samu ba ta musanya, duk wahalar da ka sha ta tashi a banza. `Curves` kuwa zanen haruffan yake ɗauka yadda suke. Ka faɗa masa da bakinka, kada ka ɗauka ya sani, don mai yiwuwa bai taɓa ganin ɗ ba balle ya lura ta ɓace. Sannan ka nemi a fitar maka da kwafi ɗaya na gwaji, wanda ya iya Hausa ya karanta shafin farko da kanun sassa da jerin sunaye, ya sa hannu a kai, kafin a kunna inji.